Me ya sa ɗan aike ke sake kira bayan an ba shi adireshi?

Akwai ƙorafin da ake yawan ji daga masu sayen kaya ta waya a Birnin Kebbi. Mutum ya ba mai kaya sunan unguwarsa da lambar wayarsa, wani har lokeshan ya tura, amma sai ga ɗan aike ya kira yana tambayar inda yake da lokacin da zai same shi. Wasu na ɗaukar wannan kiran a matsayin rashin sanin gari, wasu kuma suna zargin hanya ce ta neman ƙarin kuɗi. Su ma masu baburan suna da nasu kukan: sun iso inda aka ce, sun kira waya ba a ɗauka ba, ko an ɗauka an ce "ina zuwa" an bar su a rana har kusan rabin awa.

Duka ƙorafe-ƙorafen nan daga wuri ɗaya suke fitowa. Abu biyu ne ba a tsayar ba kafin babur ya tashi, wato takamaiman wurin da kaya zai bar hannun ɗan aike ya shiga hannun mai shi, da kuma tsakanin ƙarfe nawa zuwa nawa hakan zai faru. A ganina kiran da ake jin haushinsa shi ne ginshiƙin aikin, kuma yawancin rigimar ƙofar gida tana tasowa ne idan ba a yi shi ba, ko aka yi shi a gurguje.

## Adireshi da wurin miƙa kaya

Ɗan aike a nan shi ne duk wanda ke ɗaukar saƙo a babur ya kai wa mai shi a cikin gari. Akwai masu akwati a bayan babur waɗanda sana'arsu ke nan, akwai kuma ɗan kabu-kabun da wata mai girki ko mai sayar da turare ta amince da shi take kiransa duk lokacin da oda ta shigo. Na biyun sun fi yawa, kuma ba su da wata manhaja da ke nuna musu hanya ko ke aika wa kwastoma saƙon cewa kaya ya taso. Wayarsu da sanin gari su ne jarinsu.

Adireshi yana faɗin inda mutum yake zaune ko yake aiki. Wurin miƙa kaya ya fi haka ƙanƙanta: bakin wane get, ta wace ƙofa, a hannun wa. Ma'aikaci a sakatariyar Gwadangaji yana da adireshi, amma ɗan aike ba zai bar baburinsa da sauran kayan mutane ya shiga bin ofis-ofis ba, sai dai a haɗu a bakin get. Mai jinya da ya yi odar abinci yana cikin asibiti, amma asibiti yana da ƙofa fiye da ɗaya da ɗakunan kwanciya barkatai. Matar aure tana gida, amma baƙon namiji ba ya wuce ƙofar gida, don haka dole a san wa zai fito, yaro ne ko mai aiki ko maigadi, kuma ko yana nan a wannan lokacin ko ya tafi islamiyya.

Akwai kuma matsalar hannu na uku. Ba kasafai ɗan aike ke samun kwatance daga bakin kwastoma ba. Mai kaya ce ta karɓa tun jiya ko shekaranjiya, ta taƙaita shi a jikin leda da biro, ta rubuta sunan unguwa da lamba. Duk abin da kwastoma ta yi bayani dalla-dalla a cikin hira ya tsaya a wayar mai kaya. Shi ya sa idan kwastoma ta ce "ai na riga na faɗa", gaskiya ta faɗa, sai dai ba wa wanda ke kan babur ta faɗa ba.

## Yadda ake gane gida a gari irin namu

Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, kuma tun daga lokacin gari ke faɗaɗa da sauri fiye da yadda ake sa wa layuka suna da lamba. Manyan tituna irin su Ahmadu Bello Way suna da suna da kowa ya sani. Amma da zarar ka sauka daga kwalta ka shiga cikin Badariya ko Bayan Kara, ko lungunan tsohon gari, lambar gida ba ta kai ka ko'ina, idan ma akwai ta. Kwatance ake bi.

Sunayen unguwannin ma suna da tarko. Wanda ya ce Gesse bai gama magana ba sai ya ce Fes 1 ko Fes 2. Haka Nassarawa, akwai ta ɗaya akwai ta biyu. Wanda ya ce "ina asibiti" zai iya nufin Sir Yahaya, ko na tarayya, ko kuma na Kalgo wanda ya fita daga cikin gari gaba ɗaya, kuma kuɗin kai saƙo can ba ɗaya ba ne da na cikin gari. Ɗan aiken da ya san aikinsa ba ya tashi a kan rabin suna.

Kwatance mai kyau yana da tsari, kuma yana tafiya daga babba zuwa ƙarami. Ana farawa da abin da duk mai babur a gari ya sani: shataletale, gidan mai, makaranta, babban masallaci. Daga nan a faɗi ta ina za a nufo wurin, domin "hannun dama" ba ya da ma'ana sai an san inda mutum ya fito. Wanda ya taho daga kasuwa da wanda ya taho daga hanyar Kalgo, damansu ta saɓa. Sai a ƙirga kwana, a ce ta biyu ko ta uku, sannan a rufe da alamar da ke jikin gidan ko dab da shi.

A wannan mataki na ƙarshe ne mutane suka fi yin sakaci. "Gida mai baƙin get" ba alama ba ce a layin da rabin gidajensa baƙin get gare su. Mai shayi da mai suya ba sa nan da rana, mai ƙosai ba ta nan bayan hantsi, motar maƙwabci da ake cewa tana ƙofar gida ta fita aiki. Alamar da ake so ita ce wadda ba ta tashi kuma ba ta da ta biyu a layin: tiransifoma, tankin ruwa a sama, kemis mai allo, masallaci mai wani fenti, bishiyar darbejiya guda a ƙofa. Sunan maigida ma alama ce mai ƙarfi a tsofaffin shiyoyi, inda ko yaro ka tambaya zai kai ka. A sabbin unguwanni masu dogayen katanga kuwa, maƙwabci na iya rasa sanin sunan na kusa da shi, kuma da tsakar rana ba za ka sami wanda za ka tambaya a waje ba.

## Lokeshan yana taimako, amma yana da iyaka

Mutane da yawa sun ɗauka tura lokeshan ta WhatsApp ya kashe magana. Yana taimakawa sosai idan an tura shi daidai, sai dai akwai hanyoyin da yake ɓatar da mai babur, kuma shi mai turawar ba ya sanin ya yi kuskure.

Waya tana gane inda take ne ta siginar tauraron ɗan'adam. A fili, inda sama ke buɗe, kuskurenta bai fi 'yan mitoci ba. A cikin ɗaki, ƙarƙashin kwano ko rufin kankare, siginar na raunana, sai waya ta koma kintace da turakun sadarwa na kusa, kuma a nan kuskuren kan kai ɗaruruwan mitoci. A unguwar da layuka ke kusa da juna, mita 200 layi uku ne ko huɗu. Ana iya gane wannan kafin a tura, domin a ƙarƙashin `Send your current location` WhatsApp na rubuta iyakar daidaiton da mitoci. Idan ka ga mita 10 ko 15, tura. Idan ka ga ɗari da wani abu, fito tsakar gida ko ƙofar gida, ka jira lambar ta sauko.

Na biyu, lokeshan yana nuna inda wayar take a lokacin da aka danna, ba inda gida yake ba. Mace ta yi oda da safe tana wurin aiki, mai kaya ta ce ta turo lokeshan, ta tura nan take, alhali gida take so a kai. Na uku kuma, a ƙasan shafin tura lokeshan akwai jerin wuraren da ke kusa, shaguna da makarantu da otal. Yatsa na iya sauka a kan ɗaya daga cikinsu, sai a tura wa ɗan aike wani wuri dabam da ke unguwar.

Ko alamar ta faɗa daidai kan rufin gida, taswira ba ta san ta ina ƙofa take ba. Gidan da ke tsakanin layi biyu, taswira na iya kai mai babur layin baya, ya tsaya jikin katanga yana cewa ya iso, mai gida kuma tana bakin get tana cewa ba ta ga kowa ba. Dukansu gaskiya suke faɗa. Haka kuma taswira ba ta san layin da ruwa ya cinye da damina ba, ko wanda aka kafa rumfar biki aka toshe.

Shi kuwa `Share live location`, wanda ke tafiya da mutum duk inda ya motsa, WhatsApp na ba da zaɓin minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Ya fi dacewa ɗan aike ne ya kunna shi ga kwastoma, ta ga tahowarsa ta san lokacin fitowa. Ban ga dalilin da zai sa mace ta bar wa baƙo awa 8 yana kallon duk inda ta nufa ba. Idan dole ne, minti 15 ya isa.

A tuna kuma ba kowane mai babur ke riƙe da babbar waya ba. Wani ƙaramar waya gare shi, wani yana da babbar amma ba data, wani kuma zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya sa wayar ta ɗauki zafi ta ƙi aiki. Saboda haka kwatancen baki bai tsufa ba. Lokeshan ya kai mutum unguwa da layi, baki ya kai shi ƙofa.

## Daga ina lokacin isowa ke fitowa?

"Ga ni nan tahe" da "yanzun nan" su ne amsoshin da aka fi ji, kuma babu wanda zai iya tsara yininsa a kansu. Mai babur na faɗin haka ne don kada kwastoma ta ji nisa ta fasa, ita kuma tana cewa "ina gida" alhali tana nufin za ta koma gida. Kowa na kyautata wa ɗan'uwansa da baki, ƙarshe a ɓata wa juna rai.

Lokacin isowa lissafi ne mai sassa huɗu: tafiyar ɗan aike zuwa wurin mai kaya, jiran a haɗa kayan, tsayawar da zai yi a kan hanya kafin ya zo kanki, da tafiyar ƙarshe zuwa ƙofarki. Kwastoma sashe na ƙarshe kawai take gani. Ta san daga wurin mai kaya zuwa gidanta bai wuce minti goma sha ba, don haka idan aka ce mata minti arba'in sai ta ga an raina mata hankali. Ba ta san cewa ba a gama zuba miya ba, kuma akwai mutum ɗaya a gabanta.

Tafiyar kanta ita ce mafi sauƙin lissafi. Babur a cikin gari, da kwana-kwana da ramuka da tsayawa, a ce yana yin kilomita 25 zuwa 30 a awa. Kilomita 5 ke nan minti 10 zuwa 12. Abin da ba ya lissafuwa shi ne mutane: mai kaya da ta ce "an gama" tun kafin ta gama, da kwastoman farko da zai ɗauki minti 3 ko minti 20 kafin ya fito. Shi ya sa ɗan aike mai gaskiya ba ya ba da ƙarfe ɗaya tak. Tazara yake bayarwa, ta minti 15 ko 20, kuma ba ya bayar da ita sai kaya ya shiga hannunsa. Duk lokacin da aka faɗa kafin a ɗauki kaya hasashe ne kawai.

Mu kan auna yini da salla, kuma hakan na da amfani domin kowa ya san lokacin. Amma "bayan la'asar" ta miƙe tun daga sallame salla har gab da magariba, awa biyu ko fiye. Gara a ce "da an sallame la'asar zan taso, ki sa ran ganina cikin minti 20". Idan mai kayan a wani gari take ma akwai ɗan bambanci: Birnin Kebbi na yamma da Kano da sama da digiri huɗu, don haka rana na faɗuwa a nan bayan ta faɗi a Kano da kusan minti 17. Ranar Juma'a kuma a cire tsakiyar rana daga lissafi, saboda ana tare hanyoyin da ke kusa da masallatai, shi ma mai babur masallaci zai tafi.

Kayan da ke zuwa daga wani gari ta waybil sun fi wannan wuya. Lokacinsu na hannun direban mota, sai ta cika ta tashi, sai kuma abin da hanya ta yi. Ɗan aiken da ya yi wa kwastoma alkawarin ƙarfe kaza alhali mota ba ta shigo tasha ba, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Abin da zai iya cewa shi ne zai kira da zarar ya karɓi kayan.

## Misali: oda uku da tsakar rana

Mu ɗauki wata mai girki a Badariya da ke da oda uku ranar Alhamis. Ta farko ta wani ma'aikaci ce a ofis, ta biyu ta wata Hajiya a Gesse, ta uku ta mai jinya a asibiti. Ta kira ɗan aikenta ƙarfe 1:10, ya iso 1:20, ba a gama ɗaure kulolin ba sai 1:30. A jikin ledar Hajiya an rubuta "Gesse, baƙin get" da lambar waya, an kuma tura masa lokeshan ɗin da ta bayar da safe.

Kafin ya tada babur ya buɗe lokeshan ɗin, sai ya ga alamar ba a Gesse ta faɗa ba. Wannan saɓani tsakanin rubutu da taswira shi ne babbar shaidar cewa akwai matsala. Ya kira.

"Salamu alaikum, Hajiya, ina wuni? Ɗan aike ne, abincinki na hannuna. An rubuta mini Gesse, amma lokeshan ɗin ga wani wuri yake nuna mini. Gida za a kai ko wurin aiki?"

"Af, ina makaranta na tura shi. Gida za ka kai, Malam, Fes 2."

"To Hajiya, ta ina zan shigo?"

"In ka shigo ta babban titi, ka wuce masallaci mai koren fenti, kwana ta biyu hannun hagu. Gida na uku, akwai tiransifoma daidai ƙofar."

"Bayan masallaci mai koren fenti, kwana ta biyu hagu, gida na uku mai tiransifoma. Ke zan samu?"

"Ni ban tashi ba sai biyu da rabi. Ƙanwata na gida, bari in turo maka lambarta."

"To madalla. Akwai mutum ɗaya gabanki, kuma zan tsaya salla. Ki ce mata tsakanin biyu da minti goma zuwa biyu da ashirin da biyar. In na baro wurin na farko zan kira ta. Kuɗin aike an biya ko ita za ta ba ni?"

"Zan yi maka tiransifa yanzu."

Hirar ba ta kai minti biyu ba, amma dubi abin da ta tsayar: wace Gesse, ta ina za a shiga, wace alama, wa zai karɓa, a wace lamba, cikin wace tazara, kuma wa zai biya. Ya maimaita kwatancen da bakinsa, wanda shi ne hanya mafi sauƙi ta kama kuskure, domin in ya ce dama a maimakon hagu nan take za ta gyara masa. Tazarar da ya bayar ma daga lissafi ta fito. Ya tashi 1:30, minti 12 zuwa ofis, minti 5 na miƙawa, ya zama 1:47. Salla ta kai shi 2:00. Minti 10 zuwa Gesse, 2:10. Sauran minti 15 ɗin na abin da ka iya tasowa ne.

Yanzu a ce bai kira ba. Zai bi lokeshan ya tsaya a ƙofar makaranta, ya kira Hajiya tana aji wayarta a jaka. Ko kuma ya bi rubutun leda ya shiga Fes 1 yana duba baƙaƙen get. Kafin a gane, a ce ya yi ƙarin kilomita 4 da minti 25. Man da ya ƙone ba shi ne babbar asarar ba: babur irin Boksa na yin wajen kilomita 40 da lita ɗaya, don haka in aka ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 100 ce ta tafi. Asarar tana cikin minti 25 ɗin, wanda kusan aike guda ne cur da zai yi ya karɓi kuɗinsa. Ga kuma mai jinya a asibiti da bai san hawa ba bai san sauka ba, abincinsa ya makara ya huce, kuma mai girki zai kira ya yi wa faɗa.

## Wa ke ɗaukar asarar jira?

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Kwastoma na ganin ta biya kuɗin aike, don haka nemo gida da haƙurin jira duk suna cikin abin da ta saya. Tana da hujja ta wani ɓangare, domin akwai masu baburan da ba sa sauraren kwatance, suna cewa "na gane" tun ba a gama ba, sai sun ɓace su dawo suna kira sau biyar. Akwai kuma mai cewa ya iso alhali yana nesa, don kawai a fito a jira shi. Wanda aka yi wa haka sau biyu, a na uku ba zai fito da wuri ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Shi kuma ɗan aike kuɗinsa na kan yawan saƙon da ya kai, ba kan awannin da ya yi a waje ba. Da yawansu baburan ba nasu ba ne, akwai balas da za su kai wa mai shi da yamma ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin zirga-zirga ya tashi, shi ya sa suke haɗa saƙo uku ko huɗu a fita ɗaya maimakon su kai ɗaya su dawo. Wannan haɗawar ce ta sa jinkirin mutum ɗaya ke shafar duk na bayansa, kuma ita ce ta sa ba sa iya haƙurin jiran da suke yi a da.

Mai kaya ce a tsakiya, kuma a ganina ita ta fi kowa ikon gyara lamarin. Ita ke magana da kwastoma tun farko, don haka ita ya kamata ta tambayi inda za a karɓa da wanda zai karɓa, ta tura wa ɗan aike kwatancen yadda aka ba ta shi ba tare da ta gutsure ba. Ita ce kuma za ta iya faɗa wa kwastoma ƙa'ida tun kafin a biya: ɗan aike zai jira minti 10 bayan ya iso cikin lokacin da aka yi, in ba a fito ba zai wuce ya dawo daga baya, kuma dawowar tana da kuɗinta. Idan shi ne ya saɓa lokaci bai kuma kira ya sanar ba, babu ƙarin ko kwabo. Ƙa'idar da aka faɗa tun farko ba ta zama faɗa a ƙofar gida. Canja wuri bayan babur ya tashi ma haka ne: wanda ya ce a same shi a gida, sannan ya kira ya ce ya wuce Kalgo, sabon aike ya bayar.

## Yadda za a gane an yi kiran da ya dace

Akwai alamomin da ke nuna magana ba ta tsaya ba ko da an yi waya. Idan aka ajiye waya ba wanda ya ambaci ƙarfe, ba a yi maganar lokaci ba. Idan ɗan aike bai maimaita kwatance ba, ba a san abin da ya ji ba. Idan wadda za ta karɓa ba ta san ana zuwa ba, za ta ga baƙuwar lamba ta ƙi ɗauka, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke sa a bar mai babur tsaye a waje. Inda sabis ke yankewa ko hayaniyar titi ta yi yawa, gara a bi kiran da gajeren saƙo ko muryar WhatsApp, domin mai babur ya sake saurare idan ya shigo unguwa ba sai ya kira ba.

Kira biyu sun wadatar a yawancin aike. Na farko kafin a tashi, na biyu idan ya rage kamar minti 5, domin mai fitowa ta nemi mayafi ko a kira yaro daga wurin wasa. Wanda ya wuce haka yawanci alama ce cewa na farkon bai yi kyau ba. Kuma ɗan aike ya tsaya gefen hanya ya yi wayarsa. Saƙale waya a kafaɗa ana tuƙi a cikin kasuwa ya jefa mutane da yawa a ƙasa.

Tambayoyin ɗan aike na gaskiya suna da iyaka. Zai tambayi wuri, lokaci, mai karɓa da kuɗin aike, kuma zai iya faɗin sunan wadda ta aiko shi da irin kayan da ke hannunsa. Ba ruwansa da lambar sirrin da banki ya turo, ko lambar katin cire kuɗi, ko ko maigida na gari. Wanda ya kira ya ce yana da saƙonki amma ya kasa faɗin daga wa, kada a ba shi kwatancen gida, a kira mai kaya a tabbatar tukuna. Wadda ba ta son baƙo ya san ƙofarta tana da damar ta ce a haɗu a kemis ko gidan man da ke bakin layi, muddin za ta kasance a wurin cikin lokacin da aka yi. Shi ma mai babur yana da damar ya ƙi shiga lungun da bai sani ba bayan isha'i, ko ya ƙi bin wanda ke ta canja masa wuri yana jansa zuwa bayan gari, domin da irin wannan kiran ake raba mutane da baburansu. A irin wannan hali sai ya tsaya inda ke da haske da jama'a, ya ce a zo a karɓa a nan, ko a bari sai da safe.